Sabis ɗin Tudu da Jar Saniyar Inna

Rugarmu tana arewa da Sule Tankarkar, kusa da iyaka ƙwarai. Idan shanu suka yi nisa da kiwo, ba mai iya ce maka ciyawar Najeriya suka ci ko ta Nijar. Ni a Gumel nake makarantar kwana, sai hutu nake zuwa gida. A hutun bazarar da na gama zango na biyu a aji huɗu abin nan ya faru.

Akwai wani tudun yashi a arewa da ɗakunanmu, da aduwa guda a kansa. Nan ne wurin waya. Duk mai son kira can yake hawa, domin a cikin gida sabis sanda ɗaya ne, wani lokaci babu, amma a kan tudu sandunan nan suna cika taf. Har buzu aka ajiye a gindin aduwar saboda tsofaffi. Sun sha ƙorafin cewa kati ba ya daɗewa a can, sai su ɗora laifin a kan surutun matasa.

Da hantsi ranar, Baba ya koro jar saniyar Inna daga gindin goruba. Inna kakata ce, mahaifiyar Baba, kuma saniyar jikar wadda ta zo da ita gidan aure ce. Ita kaɗai ta rage daga wannan tsatso. Tana tafe tana miƙa wuya, yawu na dalala daga bakinta kamar igiya, cikinta ta hagu ya fara tasowa. Kafin a ɗaure ta ya yi tsiri, in ka buga sai ka ji kamar ganga.

Baffa, wan Baba, ya duba ta sau ɗaya ya ce a kawo man gyaɗa a ɗura mata. Baba ya ce a dakata. Ya ɗauki ƙaramar wayarsa ya hau tudu ya kira likitan dabbobi na Gumel, wani mutumin Filato da ya daɗe a ƙasarmu har yana gaisawa da Fulatanci. Na bi shi a baya, ina jin muryar likita tana fitowa.

"Kada ku ɗura mata komai, Alhaji. In kumburi ne kawai, mai zai taimaka. In wani abu ne ya maƙale a wuya, man zai tafi huhu, ku kashe ta da hannunku. Ku ɗauko min bidiyonta, wuya da ciki. Ga ni nan tafe, amma ka san hanyarku."

Mun san hanyarmu. Yashi ne, babur ma sai an yi ta tura shi.

Yayana ne kaɗai mai babbar waya. Acaɓa yake yi tsakanin Maigatari da ƙauyuka, kuma jiya-jiya ya sayi data. Ya ɗauki bidiyo, ya ruga tudu, ya danna turawa. 'Yar da'irar nan ta turawa ta yi ta juyawa. Ya ɗaga wayar sama. Ya kashe ya kunna. Ya cire layin ya goge a rigarsa ya mayar.

"Wallahi sabis a cike yake, Baba, duba! Ko a cikin Gumel ba na samun haka."

"To me ya hana?"

"Ɓarayi ne, sun shanye min data."

Baffa ya hawo tudun, na ga ya soke wuƙa a ƙugu. Bai ɓoye ta ba. A wurinmu wannan ba mugunta ba ce: in dabba za ta mutu, gara a yanka ta da sauran numfashi, kada ta zama mushe a yi biyu babu. Ya ce da Baba, "Ni dai in ta kwanta ba zan jira abin bature ya gama juya ƙwallonsa a cikin waya ba."

Daga kan tudu muna hango Inna a ƙasa. Ta dafa ƙahon saniyar tana yi mata magana da Fulatanci a hankali, irin maganar da take yi mata lokacin tatsa.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ma in na san amsa, sai in rubuta a gefen littafi in jira wata ta faɗa. Amma ina tsaye a bayan kafaɗar Yaya, kuma idona ya faɗa kan wani ɗan harafi a saman sandunan, ƙarami kamar ƙwayar gero. R ne. A Gumel, in malamarmu ta ba ni wayarta in riƙe, abin da nake gani a wurin 4G ne, ko H, da kibiyoyi biyu suna ƙyaftawa. Nan babu kibiya ko ɗaya.

Na taɓa jin labarin harafin nan. Wata ranar kasuwa a Maigatari, Yaya ya bar ni a rumfar mai gyaran waya ya tafi kai fasinja. Wani direban babbar mota ya zo yana faɗa, wai sabis a cike amma ba abin da ke buɗewa. Mai gyara bai ko kwance wayar ba. Ya ce masa, "Maigida, wayarka ta tafi baƙunta. Sandunan nan ba su san data ba, ƙarfin muryar ƙarfen sabis kawai suke aunawa, ko na waye. Na Nijar ya fi kusa, shi ta kama. Datar da ka saya kuwa ta gida ce, ba ta ƙetare iyaka. Kira zai shiga, a caje ka kuɗin baƙo, amma ƙofar data a rufe take sai ka buɗe da kanka ka biya." Ina zaune a kan benci ina cin gyaɗa, ba wanda ya san ina ji. Na kuma kalli inda yatsansa ya bi.

Saniyar ta durƙusa da ƙafafun gaba, Inna ta ɗaga murya. Sai na ji kaina na ce, "Yaya, sabis ɗin nan ba namu ba ne."

Duk suka juyo.

"Na wa ne, na aljanu?" in ji Yaya.

"Na Nijar ne. Ga R nan. Duba saƙonninka, za ka ga wanda suke maka barka da zuwa."

Ya duba. Saƙon yana nan, da ire-irensa a jere tun na watannin baya, bai taɓa buɗe ko ɗaya ba don ya ɗauka talla ce. Baffa ya yi tsaki ya ce, "Shekara nawa muna waya a nan, yau 'yar boko za ta ce mana a ƙasar wasu muke tsaye?"

Na ce, kaina a ƙasa, "Mu muna gida, Baffa. Wayar ce ta ƙetare."

Baba ya matso. Ya karɓi wayar daga hannun Yaya ya miƙo min. Na shiga setin, na kashe inda waya ke zaɓar sabis da kanta, na sa ta nemo. Ta daɗe tana nema. Sunayen da suka fito duka baƙi ne, namu bai fito ba. Na ce sai mun yi kudu.

"Kudu? Inda ba sabis?" Yaya ya ce. "Mu bar sanda biyar mu tafi neman ɗaya?"

"Kai dai tayar da babur," in ji Baba. Sannan ya juya ga Baffa ya ce, "Yaya, don Allah ka bar wuƙar nan a kube har su dawo." Baffa ya ce bai yi alkawari ba.

Muka wuce ɗakuna, muka wuce rijiya. Ina bayan babur, gyalena a baki, waya a hannu, ina sake nema duk inda muka tsaya. Sai a bakin gonar riɗin wani maƙwabcinmu, inda akwai wani tsohon suri, sunan layinmu ya fito a ƙasan jerin. Na danna shi. Sandunan suka zube, saura biyu. R ya ɓace, H ya fito, kibiyoyi suka fara ƙyaftawa.

Yaya ya ce, "Ikon Allah. Hau surin nan, Malama, hau!"

Na hau, na ɗaga hannu sama kamar mai ba da amsa a aji. Bidiyon ya yi tsawo, da ƙyar yake tafiya. Na ce ya yanke shi, a bar inda wuya ya fito da inda ciki ya fito. Muka sake turawa. Rana tana dukan ƙeyata, tururuwa na hawa ƙafata, ban motsa ba har da'irar ta cika, alamar isa ta fito. Yaya ya yi ihu har awakin mutane suka watse.

Sauran a bakin Baba na ji, domin shi likita ya kira. Likitan ya tsaya a hanya ya kalli bidiyon, ya ce akwai ƙullutu a gefen hagu na wuyan, abu ne ya maƙale. A riƙe kanta, a sa yatsu a ƙasan ƙullutun ta ɓangare biyu, a riƙa turo shi sama a hankali zuwa maƙogwaro. Da muka iso, Baffa ne da kansa a durƙushe yana turowa, don hannunsa ya fi na kowa sanin jikin saniya. Baba ya riƙe ƙaho, wani maƙwabci ya buɗe bakin da guntun itace. Ta yi wani irin kakari, sai ga ƙwallon goruba ya faɗo a yashi, jiƙe da yawu. Ta yi gyatsa mai tsawo, mai wari, ta sake yin wata. Muna kallo cikin yana sacewa.

Inna ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da mayafi.

Likita ya iso bayan azahar, wandonsa duk yashi. Ya duba maƙogwaron, ya yi mata allura, ya ce a ba ta ruwa da abinci mai laushi kwana biyu. Yana wanke hannu ya tambayi yadda aka yi bidiyo ya fito daga wannan daji, shi da ya saba sai dai a kwatanta masa da baki. Yaya ya buɗe baki, Baffa ya riga shi.

"'Yarmu ce. Ita ta gano wayar ta gudu Nijar, ta je ta koro ta."

Likita ya yi dariya ya dube ni. "Aji nawa kike?"

Na ce huɗu, ban ɗaga kai ba. Amma ban so a daina maganar ba.

Washegari da safe saniyar ta ci dusa. Inna ta tatsi kaɗan, ba ta matsa mata ba, ta kira ni da sunan da ita kaɗai take kirana, ta miƙo min ƙoƙon nonon tun da ɗuminsa, gaban su Yaya. Na shanye a tsaye.