Gurabu Huɗu da Na Bari Fayau

Shekarar da zan zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, babana ya kira ni bakin gonar shinkafarmu a Garou ya ce, “Bana ɗai ta rage maka. In ka ci, ka wuce gaba. In ka hwaɗi, ga hauya.” Ba mugunta ba ce. Ƙafarsa ta fara ciwo, ni ne kuma babban ɗansa. Kullum da safe ina taka keke zuwa makaranta a Malanville da maganar nan a kunnena.

Ingilishi ne ya fi ba ni wahala, amma akwai tambaya guda da nake so, wato cike gurbi. A ba ka ɗan labari an ƙwaƙule masa kalmomi, a jera su a sama, a ce mayar da kowace mazauninta. Ban san ma'anar rabinsu ba, sai na gano maƙwabtan gurbin suna tona asiri. In na ga “an” kafin gurbi, na san kalmar da za ta biyo da sautin wasali take farawa. In akwai “yesterday” a jimlar kuma aikatau ne ya ɓace, sai in nemi wanda ya riga ya wuce, sau da yawa mai “ed” a wutsiya. In “she” ce a gaba ana zancen abin da ta saba yi, aikatau zai ɗauki “s”. Ina fara cike masu sauƙi, ina soke duk kalmar da na yi amfani da ita, ta ƙarshe ta faɗa wurinta da kanta.

Malaminmu na Ingilishi, da muke kira Mushe, yana da dokarsa. Kowace amsa da ba daidai ba, bulala ɗaya a tafin hannu. Gurbin da ka bari fayau kuwa babu maki, babu duka. Cewa yake ɗalibin kirki ba ya rubuta abin da bai sani ba.

Wata Talata na cike gurabu goma, duka daidai. Ina jiran yabo, sai ya tashe ni tsaye ya nuna “umbrella”.

“Mi wagga kalma ke nuhi?”

“Ban sani ba, Mushe. Na dai ga ‘an’ gabanta, ita ɗai ce ta hwara da wasali.”

“Ashe caca kake mini cikin aji!”

Ya ba ni biyar masu kyau, ya soke makin duka, ’yan aji suna ta ƙyaƙyata dariya. Ran nan da hannu ɗaya na tuƙa keke har gida. Ban gaya wa kowa ba, kunya ta hana ni. Daga ranar duk kalmar da ba zan iya fassarawa ba, ko tana kirana da suna, sai in tsallake ta. Hannuna ya huta, Mushe har ya fara kafa misali da ni.

Ranar jarrabawa tambayar ta fito. Na cike waɗanda na san ma'anarsu, saura huɗu. Wallahi na san mazaunin kowace. Akwai gurbi bayan “to”, aikatau ɗaya tak ya rage marar ƙari a wutsiya. Na ɗora biro, tafin hannuna ya ɗauki zafi, na janye. Mushe ba ya cikin ɗakin, mai tsaronmu wata baƙuwa ce da ke ta fifita da takarda. Duk da haka na miƙa takardata da ramuka huɗu, har ina jin na yi abin kirki.

Na faɗi. Da na karɓo takardar makina, abin da ya raba ni da ci bai taka kara ya karya ba. Na lissafa, na sake lissafawa, da na cike gurabun nan da sun fitar da ni.

A bakin ƙofar makaranta na haɗu da Mushe zai hau babur. Ya karɓi takardar ya duba, ya tambaye ni yadda aka yi Ingilishi ya ja ni ƙasa. Na gaya masa gaskiya. Sai ya riƙe baki.

“Kai, yaro! Wa ke barin gurbi ga jarrabawa? Can ba a rage maki don kuskure. Ka dubi abin da ke gaba da baya, ka zaɓa. Wanga ai kowa ya san shi.”

Ba a rene mu da mayar wa malami magana ba. Na ma riƙe masa jaka har ya tayar da babur. Wannan riƙon jakar shi ya fi ci mini rai har yau, ban kuma yafe wa kaina shi ba.

Da na isa gida babana bai yi faɗa ba. Ya ce in ci abinci in huta, gobe da sassafe akwai dashen shinkafa.