Jan Zoben Mai Fenti

Shekara talatin da huɗu Mai Fenti ya yi a rumfar ma'aikatar hanyoyi, yana yanka langa-langa yana shafa masa launi, ya zama alamomin hanya. Bai taɓa riƙe sitiyari ba. Keke ne abin hawansa har ya bar aiki, amma duk direban da ya bi titunan yankin ya bi umarnin hannunsa bai sani ba.

Ya shiga aikin bai iya karatun boko sosai ba. Maigidan da ya koya masa, wani mutum marar son magana, bai fara shi da hotuna ba. Wata uku ya bar shi yana zana siffofi kawai. Alwatika mai jan baki, gargaɗi ke nan: akwai abu a gaba, yi hankali. Da'ira mai jan zobe, hani. Da'ira shuɗiya, umarni, abin da ke ciki shi za ka yi. Allo mai kusurwa huɗu labari yake ba ka, ga asibiti, ga gidan mai. Sai guda biyu da aka ware musu siffa tasu: mai kusurwa takwas ta tsayawa, da alwatikar da aka kifa ta ba da hanya, don ko laka ta rufe su, ko ta baya ka hango su, ka gane su.

Da aka daina fenti da buroshi aka koma liƙa leda mai ƙyalli, shi ma ya koya, ko da yake bai taɓa cewa ta burge shi ba. Yanar ido ce ta raba shi da rumfar. Ta zo a hankali, ta fara cinye masa ƙananan abubuwa: ramin allura, lambar waya, fuskar mutum daga nesa. Manyan siffofi da launi ta bar masa su. Yawancin yini yana zaune a kujerar roba a bakin ƙofa, kusa da tsoffin gwangwanayen fentin da matarsa ta mayar tukwanen shuka.

'Ya'yansa biyar, autan ne kaɗai ya shiga harkar titi. Ya daɗe yana neman aiki kafin wani kamfani ya ɗauke shi tuƙin tanka, gwajin wata uku. Sharaɗin a fili yake: laifi ɗaya a hanya, ko yawan makara, sai ya ajiye makulli. Ga mata da jariri a ɗakin haya.

Ranar wata Laraba, bayan azahar, wayar uwar ta yi ƙara tana tsakar wanki. Auta ne, a sati na goma na gwajinsa, ya ɗauko man dizal zuwa wani wuri da bai taɓa zuwa ba, can bayan iyaka.

"Mama, ba Baba wayar. Na turo hoto."

Ta goge hannu a zani, ta buɗe lasifika, ta miƙa wa tsohon.

"Baba, ina kan mararraba. Hanyar dama minti arba'in ce, ta hagu awa biyu. Ƙarfe huɗu suke rufe ƙofar ma'ajiyar da zan sauke man. Akwai wata alama a bakin ta dama, ban taɓa ganin irinta ba. Ina jin hanyar tankoki ce ma."

Mai Fenti ya kawo wayar dab da hancinsa, ya mayar da ita nesa. Baƙin abu kawai yake gani a tsakiyar haske.

"Rana ka ɗauko mini ko alama? Sauko ka juya wa rana baya ka sake."

"Baba, lokaci fa."

"Ai shi nake tattala maka."

Hoto na biyu ya iso. Matar ta ja shi da yatsu biyu ya cika fuskar wayar. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Da'ira ce," in ji shi. "Baki ja, ciki fari. Ke, me ke tsakiya?"

Ta sunkuyo. "Wani abu kamar ƙwai a kwance, mai launin ruwan lemo, an ɗora shi kan tayoyi biyu. Ƙarƙashinsa layi biyu shuɗaye, a lanƙwashe, kamar ruwa."

"Ƙwai mai taya. To, Allah ya kawo mu zamani."

"Kai da ba ka gani, har ka samu bakin yi mini dariya?"

"Tanka ce, Mama," in ji Auta daga can, "an zana ta ta baya. Shi ya sa na ce tamu ce. Kuma Baba, ba a soke ta da jan layi ba. Da hani ne ai da an soke. Ga shuɗi ma a ciki."

Mai Fenti ya gyara zama. Bai taɓa zana wannan hoton ba, bai kuma yi niyyar nuna ya san shi ba.

"Alamar gudu, wadda aka rubuta sittin a ciki, an soke ta?"

Auta ya tuno alamar.

"A'a."

"Kana wuce sittin a gabanta?"

"A'a, Baba."

"To, me ya hana ka? Zoben nan. Wasu ƙasashen suna ƙara layi, wasu ba sa wahalar da kansu. Da suna kiran ka ne, da gaba ɗaya allon shuɗi ne, tankar fara. Da tsoratar da kai kawai suke, da alwatika ce, ka wuce a hankali. Ni ban san abin da ruwan nan yake nufi ba. Amma duk wanda ka gani a cikin jan zobe, ba baƙon da ake jira ba ne. Kai kuma ka ce hotonka ne a ciki."

"In na makara fa? Sau ɗaya na riga na makara a watan jiya."

"Makara ana ba da haƙuri a kanta."

Uwar ce ta karɓe wayar. "Auta, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ka ji abin da ubanka ya ce."

Suka ji ya ja dogon numfashi, sannan ƙarar injin, sannan wayar ta katse. Ba su san wace hanya ya ɗauka ba. Matar ta koma kan wankinta, ta wanke riga ɗaya sau biyu. Tsohon ya ce a miƙo masa ruwa, aka kawo, ya manta bai sha ba.

Sai wajen biyar da rabi ya sake kira. Hagu ya bi. Ya tarar an rufe ƙofa, mai kula da ma'ajiyar ya fito yana faɗa, har ya ɗauko waya zai kira kamfani. Auta ya nuna masa hoton. Mutumin ya duba, ya ce wannan alamar tana hana motar da ta ɗauko abin da zai iya gurɓata ruwa, kamar mai ko sinadari, domin hanyar ta bi ta gefen madatsar ruwan da garin ke sha. Ya ce 'yan sanda kan tsaya a can gaba, kuma tankar da suka kama a nan ba ta kwana a hannun direbanta. Ya mayar da wayarsa aljihu, ya sa aka buɗe ƙofa.

"Ya rubuta makarar?" in ji Mai Fenti.

"Ya rubuta, Baba. Amma ya rubuta dalili a ƙasa, ya sa hannu."

"Ruwan sha, ka ce?"

"Ruwan sha."

"To, ka ga ni ma na ƙaru."

Sati biyu bayan nan kamfanin ya tabbatar da Auta a aiki. Da aka gaya wa tsohon, ya ce madalla, sannan ya tambaya ko tayar bayan tankar da yaron ya taɓa cewa tana cin gefe an canza ta.