Ƙararrawar da Baba Ya Ɗaura

Furfura ta cinye rabin kansa, amma har yau Auta ake ce masa. Aikin wayarin yake yi. Ya ja wa masallatai wuta, ya ja wa asibiti, in ya ce kada a taɓa waya ba a taɓawa. Gida ɗaya ne a duniya maganarsa ba ta da nauyi, gidan da aka haife shi.

Tun rasuwar mahaifinsu Inna take zaune ita kaɗai. Ɗakuna biyu ne da falo, sai ɗan lungu inda hitar ruwa mai gas take maƙale a bango. Babban ɗanta, wanda kowa ke kira Yaya, direban babbar mota ne, ya daɗe yana son ɗauke ta ya mayar da ita gidansa a wani gari. Ita kuwa ta rantse ba mai raba ta da ɗakinta. Auta ne ya shiga tsakani, ya ɗauki alkawari cewa zai kula da wuta da gas ɗin gidan. Yaya ya ce to, amma ranar da ya ji wani abu ya taɓa lafiyarta, ranar zai zo da mota.

Matsalar duk a kan wata ƙaramar ƙararrawa take, mai gargaɗi in iskar guba ta taru a ɗaki. Marigayi Baba ne ya sayo ta, ya ɗaura da hannunsa. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma wurin da ya zaɓa, kai! Jikin tagar falo, bayan labule. Inna kuma mace ce da ba ta jure ganin abu tsirara. Talabijin da rigarsa, rediyo da rigarsa. Ƙararrawar ma ta saƙa mata hula da jan zare.

“Inna, wannan abin da hanci yake aiki,” in ji Auta. “Kin ga ƴan ramukan nan? Ta nan iska take shiga. Kin toshe masa hanci, ga labule, ga iskar taga tana kore duk abin da zai shinshina.”

“Ƙura za ta ɓata shi.”

“Ƙura ta fi hula sauƙi, wallahi.”

Ya zauna ya yi mata bayani kamar yadda yake yi wa masu gida. Gas ko gawayi in bai ƙone da kyau ba, yana fitar da wata iska, kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, sai dai mutum ya ji ciwon kai da jiri, ya kwanta, shi ke nan. A cikin ƙararrawar akwai ɗan ƙoƙo mai ruwan sinadari da ƴan ƙarafa. In iskar ta taɓa su sai wata ƴar wutar lantarki ta motsa, yawan iskar yawan wutar. In ta yi yawa, ko ta daɗe tana taruwa, sai ihu. To, sinadarin nan tsufa yake yi, yana bushewa. Wata ƙararrawar shekara biyar, wata bakwai, mai ƙarko goma. Ya juya ta ya nuna mata ranar da aka buga a bayanta. Ta wuce wa'adinta tuni.

Inna ta miƙa yatsa ta danna maɓallin gwaji. Abin ya tsala ihu har kunne ya ɗauka.

“To, ka ji matacce yana magana?”

“Batir da maƙogwaro kika gwada, Inna. Hancin ya mutu.”

“Ubanka ya sa ta. Mayar masa da ita inda ya sa.”

Haushi ya kama shi har wuya, amma ya mayar. Ya za ka yi da uwa?

Kashegari ya kawo sababbi biyu. Ɗaya ya ɗaura a lungu, taku biyu zuwa uku daga hitar, can sama da tsayin ƙofa, ƙasa da silin kaɗan, nesa da tururin banɗaki. Ɗayar ya sa a ɗakin kwananta, daidai tsayin kanta in ta kwanta, inda za ta tashe ta ko barci ya yi nauyi. Ya roƙe ta, ya haɗa ta da Allah, kada ta taɓa.

Da ya dawo bayan mako, bango wayam. Ta ciro su, ta naɗe a leda, ta jera cikin kabad mai gilashi tare da tangaran na baƙi. Wai ƴar fitilar ta ɗaki tana ƙifta mata ido, ta lungu kuma sabuwa ce, ba ta son ta yi datti tun ta Baba ba ta ƙare ba. Ita ta Baban, da ta soma ƴar ƙara lokaci-lokaci kamar tsako, alamar ta gama aiki, Inna ta cire batirin ta huta.

Ya mayar, ta cire. Ya ƙara ɗaure su da sukurori, ta sa wuƙar kicin ta kwance. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya yi fushi ya ƙi cin abincinta. A wajen aiki abokansa suna ta yi masa dariya, wai ga injiniyan da tsohuwa ta kayar da wuƙar albasa. Shi abin ba ya ba shi dariya. Bai gaya wa Yaya ba, don ya san abin da zai biyo baya.

Da sanyi ya shigo, Inna ta rufe tagogi ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Wata safiya ya same ta zaune ta ɗaure kai da kallabi tamau. Ta ce ba komai, ciwon kai ne, kwana biyun nan kullum bayan ta yi wanka, amma in ta fita tsakar gida yakan sake ta.

Ya zabura. Ya leƙa lungu, hitar tana ci, harshen wutar ya koma rawaya maimakon shuɗi, bango ya yi baƙi a samanta. Ya kashe gas, ya wangale tagogi, ya fitar da ita waje tana ta mita. A asibiti suka sa mata iskar oksijin, likita ya ce Allah ya tsare. Mai gyaran gas ya zo ya tarar bututun hayaƙin ya toshe da sheƙar tsuntsu.

A barandar asibitin Auta ya daɗe yana juya waya a hannu. Hita za a gyara, wannan mai sauƙi ne. Amma ya san gobe ma ledar nan tana jira. Ya kira Yaya.

Kashegari da hantsi motar ta iso, an riga an sallamo Inna daga asibiti. Inna ba ta yi gardama ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ta tsaya a bakin ƙofa ana fitar da akwatunanta, ta dube shi.

“Kai ka gaya masa?”

“Ni ne, Inna.”

Ta gyara mayafi ta shiga mota. Ya sunkuya ta taga yana yi mata Allah ya kiyaye hanya, ta ce wa Yaya, “Ja mu je.”

Makullin gidan yana hannunsa. Kafin ya kulle, ya ciro sababbin daga kabad ya ɗaura kowace a wurinta, shi kansa bai san don wa ba. Yanzu in ya kira waya, matar Yaya ce take ɗauka, ta ce Inna tana gaishe shi, ta ɗan kwanta.