Mai Kofi

Shekara ashirin da bakwai tana aikin jinya a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, kuma ba mai kiranta da sunanta. Mai Kofi, shi ke nan. Wani ƙaramin kofin roba ne ba ya barin aljihunta, duk majiyyacin da ta samu yana haki sai ta dangwara masa shi a gado.

"Kowane numfashi ka ja, cikin kofin nan guda a hanya yake tsayawa, daga hanci zuwa bututun ƙirji. Can ba ya haɗuwa da jini, yadda ya shiga haka zai fito. Abin da ya wuce kofin ne naka."

Ta faɗa har bakinta ya gaji. Wata uku ya rage ta ajiye aiki, ƙafafunta kullum a kumbure, sai ga mijinta an kawo, kafinta ne, ya faɗo daga tsani haƙarƙari uku sun karye. Mutumin da sau dubu ta ce ya bar taba, shi kuwa ko a jikinsa.

Ta ƙirga numfashinsa, sau talatin a minti, sama-sama, don zafi ba ya barinsa ya ja sosai. Likita ya ce in iskar da ya kamata ya fitar ta ci gaba da taruwa a jininsa, da la'asar za a ɗora shi kan na'urar numfashi. Ta san masu irin huhunsa ba kasafai suke sauka daga kanta ba.

"Ai ina numfashi, Sista," in ji shi, da tsokanar da ya saba. "Ba ki ji ba?"

"Ina ji, Malam, wahalar banza ce. Kofi ɗaya da 'yan kai kake ja, kofin ya tafi a hanya. Wannan kowa yana da shi. Kai kuma taba ta ci maka wasu wurare a huhu, iska tana isa, jinin da zai ɗauka babu. Kofinka ya fi na kowa girma."

Haushi ya ishe ta, tausayi ma haka. Ta sa likita ya ƙara masa maganin zafi, ta tayar da shi zaune, ta manna masa matashi a gefen da ya karye.

"Ja a hankali. Ƙara. Haba, ƙara mana! To, saki, kar ka yi sauri."

Ya yi gumi, ya tsine wa tsanin, ya sake ja. Haka suka wuni, ko zama ba ta yi ba. Da la'asar ta ƙirga ashirin, likita ya duba gwajin jini ya ce a bar na'urar tukuna, a ga gobe.

Ta zube a kujera. Mijin ya laluba kofin a gefen gado ya miƙa mata.

"Je ki zuba shayi a ciki ki sha," ya ce. "Tun safe ke ma haki kike yi."