Naira Dubu Bakwai da Ɗari Biyar a Kowane Kwana

Mu uku muka tafi Katsina aikin duba takardun jarrabawa, dukkanmu malaman sakandare, kuma tun muna kwaleji muke tare. Ni daga Faskari, lissafi nake koyarwa. Hajiya, wadda ta girme mu da shekara takwas, daga Kankara take, malamar Larabci ce. Sai ƙawata ta garin Sabuwa mai koyar da Turanci.

Ita ta Sabuwa ta nemo mana ɗaki a wani ɗan otel kusa da makarantar da ake aikin. Babban ɗaki ne mai gado biyu, aka ƙara mana katifa. Dubu goma sha takwas ne kuɗin kwana, amma mai otel ya ce in za a biya na kwana biyar gaba ɗaya zai bar shi a sha biyar. Ta tura mashi dubu saba'in da biyar daga aljihunta, ta ce ma yi maganar daga baya.

Wannan “daga baya” ita nake tsoro. Mun taɓa zuwa Zariya biki, aka yi ta kara, kowa na cewa a bar shi. Ashe Hajiya ce ta kwashi nauyin, ba ta faɗa ba, sai dai kusan shekara guda gaisuwarta a waya ba ta wuce kalma uku. Tun a mota na ƙudurta cewa wannan karon ba mai ɗaukar jakarta sai an raba kuɗin.

Takardun Larabci ba su da yawa, kwana biyu Hajiya ta gama. Ni kwana uku zan yi, ta Sabuwa kuwa sai ta cika biyar ɗin. Ranar Laraba da safe, Hajiya na ninke kayanta, na ja kujera na zauna a bakin ƙofa da biro da bayan ambulan.

“Hajiya, a yi haƙuri, sai mun yi maganar ɗaki.”

“Wace magana kuma? A raba uku, kowa ashirin da biyar,” in ji ta.

Ta Sabuwa ta ce sam, ya za a yi mai kwana biyu ta biya daidai da mai kwana biyar? Ita a ganinta kowane kwana a raba shi tsakanin waɗanda suka kwana. Na rubuta hakan don su gani. Litinin da Talata mu uku, dubu biyar-biyar. Laraba mu biyu, bakwai da ɗari biyar kowa. Alhamis da Juma'a ita kaɗai, talatin. Hajiya ta tashi da goma, ni sha bakwai da ɗari biyar, ita arba'in da bakwai da ɗari biyar.

“To shi kenan, na yarda,” in ji ta Sabuwa. Amma na ga yadda ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Na san albashinta, na kuma san ta saka kuɗi a taki.

Na ce ni ban yarda ba. Da ita kaɗai ce, ƙaramin ɗaki za ta kama. Saboda mu aka ɗauki babban, kuma kwana biyar ɗin da ta biya su suka jawo mana ragin da duk muka mora. Ba daidai ba ne mu tafi mu bar mata ɗakin mutum uku a wuya.

Hajiya ta duba agogo, ta ce motar Kankara ba ta jira, kuma ba ta son yamma ta yi mata a hanya. Na ce minti biyar kawai, ban tashi daga kujerar ba.

Na tara kwanakinmu, biyu da uku da biyar, goma. Dubu saba'in da biyar a raba goma, kowane kwana na mutum ɗaya dubu bakwai da ɗari biyar. Hajiya sha biyar, ni ashirin da biyu da ɗari biyar, ta Sabuwa talatin da bakwai da ɗari biyar.

Hajiya ta karɓi ambulan ta nisanta shi da fuskarta, don ta riga ta sa tabarau a jaka. Ta ce, “Ke dai tun muna makaranta haka kike.” Ta buɗe jaka ta ƙirgo ashirin. Na cire biyar na mayar mata. Ta turo, na sake turawa. A karo na uku ta harare ni, sannan ta karɓa tana dariya. Ni kuma na tura nawa ta waya nan take, na jira har saƙon banki ya shigo wa ta Sabuwa kafin na janye kujerar.

Muka raka Hajiya bakin titi ta hau keke napep zuwa tasha. A hanyar komawa, da muka zo wurin mai ƙosai, ta Sabuwa ta tsaya ta sayi na ɗari biyar, ta miƙo mani ledar. Muka ci a tsaye, muka wuce wurin aiki, inda takardu ɗari da arba'in ke jirana.