Waya Mai Zobe Biyu

Na mari mai fiyanonmu a gaban dangin amarya saboda wayar gita, aka kore ni daga ƙungiya.

Shekara shida ina kaɗa gita a bukukuwan unguwar Briqueterie. Gitar ta maigidanmu ce, shugaban ƙungiya, irin mai batir a ciki. Mai fiyano yana da suruki da shi ma yake kaɗawa, kuma na daɗe da lura yana so a ba surukin gurbina.

Ana gobe wani biki a unguwar Madagascar wayata ta tsinke. Mai fiyano ne ya raka ni kasuwar Mokolo. Mai shago ya fito da guda biyu, kan ɗaya da baƙin zobe ɗaya, ɗayar da zobe biyu. Na ɗauki mai biyu, ta fi kauri. Mai fiyano yana tsaye yana cin gyaɗa.

Ranar biki bayan la'asar na soka waya a gita, na soka a ampli, akwatin ƙara sauti. Shiru. Na canza batir, shiru. Mata sun cika fili suna jira.

"Tsoho, ko hannun ne ya mutu?" in ji mai fiyano. "Ga surukina can, da gitarsa a mota."

"Wa ya ce ya zo da ita?"

Ya yi dariya. Na mare shi.

Washegari maigida ya tura ni da gitar wajen wani mai gyaran rediyo, don ya zaci ni na lalata ta. Mutumin bai ko kwance ta ba. Ya dubi kan wayar.

"Malam, wa ya haɗa ka da sitiriyo? Gita mono take so."

Ya soka mai zobe ɗaya, gita ta yi magana. Ya ce a ramin gitar akwai ƙarfe biyu, sai dogon jikin kan mono ya haɗa su batir yake fara aiki. Zoben na biyu ya raba su, batir bai tashi ba. Ya ce ko a gita marar batir, in ka kai irin wannan waya teburin sauti, silin da ya rage bai kama komai ba, sai ya riƙa jawo gurnanin wuta.

Na mayar wa maigida gitarsa lafiya. Ya karɓa, ya ce gitar ta wanke ni, marin bai wanke ni ba.

Ni na zaɓi wayar da hannuna, wannan ban musa ba. Amma mai fiyano kullum da wayoyin nan yake aiki, ya san mono ya san sitiriyo. An ce ya rantse bai duba ba. Surukin kuwa bai taɓa zuwa bikinmu da gita ba sai ranar.

Yanzu ina kasuwar shanu ta Etoudi, ina loda shanu a mota. Surukin ne yake kaɗa musu.