Kunnen Kawu da Raga

Kawuna ya tsufa a kan doguwar kujerar alƙalin wasan tanis ta kulob ɗin unguwarmu. Mutum ne mai tsiya, kuma da kunnensa yake taƙama. Ƙwallo ko shafar raga ta yi, kafin ka ƙifta ido ya ce, "Let!"

Tun muna yara ya cika mana kunne da karatun. Idan ƙwallon sabis, wato bugun da ake fara neman maki da shi, ta taɓa raga ta faɗa gidan da ya dace, let ce, a sake wannan sabis ɗin kawai, ko sau nawa hakan ta faru. Idan ta taɓa ta faɗa waje, ko ta maƙale a raga, folt ce, biyu a jere maki ya tafi. Har a wajen cin abinci, in cokali ya suɓuce maka, sai ya ce, "Folt. Saura ɗaya."

Sai kunnen ya soma yi masa gardama. Mu a gida mun sani, don rediyonsa har maƙwabta ke sha. Na taɓa yi masa maganar asibiti, ya harare ni.

"Ke 'yar nan, ni ne ba na ji? Ku ne ba kwa buɗe baki."

Ranar wasan ƙarshe na mata, wata doguwa ce ke sabis, maki ɗaya ya rage mata ta ɗauki kofi. Na farko ya fita. Na biyu ya shafi saman raga, ƙas, ya faɗa ciki. Abokiyar karawarta, wata bahaguwa, ta sauke raket tana jiran a sake. Kawu kuwa ya ɗauka sabis ɗin ya shiga lafiya, ya ba doguwa maki da wasa.

"Baba, ta taɓa raga fa!" in ji bahaguwar.

"Ban ji ba."

"Kowa ya ji!"

Ya dubi doguwar, ita kuma ta duƙa tana ɗaure takalmi. Daga nan ya ɗago yana neman fuskata cikin 'yan kallo. Na ji ƙarar sarai, amma maganar ɗan kallo ba ta shiga hukunci, shi da kansa ya koya mini. Na sunkuyar da kai don tausayinsa. Bai ji ba, ba zai kira abin da bai ji ba. Wasa ya tsaya a haka.

Cikin satin shugaban kulob ya gode masa, aka ba wani kujerar.

Yanzu kullum da la'asar sai na raka shi. Yana zama a bencin 'yan kallo, ya karkata kai wajen raga. Jiya wata ƙwallo ta wuce, sabon alƙali bai ce komai ba. Kawu ya taɓo hannuna.

"Ta taɓa, ko?"

Ba ta taɓa ba. Na dafa hannunsa, muka ci gaba da kallo.